Me ya sa muke cewa Buzaye, su kuma ba sa so?

Tambaya: "Wani abokina ɗan Agadas ya ɓata rai da na kira shi Buzu. To ba sunansu ke nan ba? Ko Tuareg zan ce?"

Amsa: Ɗan'uwa, Buzu sunan da mu Hausawa muka sa musu ne. Su kansu Kel Tamajaƙ suke ce wa kansu a Nijar, wato masu magana da harshen Tamajaƙ, a Mali kuma a ce Tamashek. Akwai kuma Imajaghan, wanda asalinsa sunan 'ya'yan manyan gidaje ne.

Ga inda gizo ke saƙar. A da, kalmar Buzu ta fi nuni ga bayi da barorin da ke yi musu kiwo da noma, waɗanda a harshensu ake kira iklan. Daga baya bakinmu ya shimfiɗa ta a kan kowa. Kai ƙabila kake nufi, shi kuwa abokinka ya ji ka ce masa bawa. Ni ban ga laifinsa ba.

Tuareg kuma ta bakin Larabawa ta fito, Faransawa suka yaɗa ta a takardu. Ba zagi ba ce, amma baƙuwa ce. Abzinawa ta fi sauƙi a kunne, tunda daga Abzin take, ƙasar duwatsun arewacin Agadas, sai dai ba ta haɗa da na Mali da Aljeriya ba.

Ka tambaye shi dangin da ya fito. In ya ce Kel Ewey ko Kel Gres, ka kira shi da wannan.