Da kuɗi a asusu, amma an ƙi cirewa

"Ina tafiyar da ƙaramar manhaja mai kuɗin wata-wata. Duk wata sai wasu katunan su ƙi biya, masu su kuma su ce da kuɗi a asusunsu. Me ke jawo haka? In yi ta sake gwadawa?"

Kafin ka sake gwadawa, ɗan'uwa, fara duba lambar da banki ya dawo da ita, don ƙin biya iri biyu ne. Akwai na ɗan lokaci, kamar 51, wato kuɗi bai isa ba a daidai lokacin da aka taɓa katin. Mai katin ba ƙarya yake yi ba. Wataƙila an gwada da asuba, albashi ya shigo da azahar. Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa da jira: 54 katin ya ƙare aiki, 41 ya ɓace, 43 an sace shi. Waɗannan ko sau ɗari ka gwada amsa ɗaya ce, kuma Visa da Mastercard suna cajin masu nacewa a kan irinsu. Ka tura wa mutumin saƙo ya sa sabon kati kawai.

A kan 51 ne jadawalin sake gwaji yake da amfani. A ce biya ya faɗi ranar 26 ga wata. Kada ka maimaita bayan awa guda, asusun bai canza ba. Ka gwada ranar 28, sannan 1 ga sabon wata, lokacin da albashin mutane da yawa ya shiga, sai na ƙarshe ranar 5. Cikin kwanakin nan ni ba na rufe wa mutum manhaja, tunatarwa nake aika masa.

Mai wahalar ita ce 05, banki ya ƙi bai faɗi dalili ba. Ita ina ba ta gwaji ɗaya ko biyu, in ta sake faɗuwa in ce wa mai katin ya kira bankinsa.