Rahoton haɗari a wurin aiki: ka rubuta abin da aka gani

"Injin niƙa ya kama hannun wani yaro a sashena, nan Marwa. Maigida ya ce in kawo rahoto gobe, kuma kowa na cewa laifin yaron ne. Haka zan rubuta?"

Ɗan'uwa, don Allah kada ka rubuta haka. Allah ya ba yaron lafiya. Ni ma bel ɗin inji ne ya cinye mini yatsu biyu a wani wurin sarrafa masara a Garwa, na san abin da takardar nan take yi wa mutum.

Ina kwance a asibiti shugaban sashenmu ya rubuta nasa rahoton. Layi ɗaya ne ya gama da ni: "Ya sa hannu a bel saboda gaggawa da sakacin da ya saba." Mutumin nan ba ya wurin, yana bakin ƙofa yana ƙirga buhuna. Bai zo duba ni ba, bai tambaye ni komai ba. Ina ya ga gaggawa? Da ido ake ganinta? Kuma shi ne ya sa aka cire murfin bel ɗin da maraice ana gobe abin zai faru, wai ana ɗaure shi, ba a mayar ba. Ko kalma ɗaya kan murfin babu a takardarsa. Da na warke na je neman aiki wani wuri, na tarar labarin "mai sakaci" ya riga ni isa. Har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwa kawai muke yi, zuciyata ba ta sake ba.

Ga yadda ya kamata a ce ya rubuta: "Ƙarfe 3 da minti 20 na yamma, bel ɗin inji na biyu ya fara zamewa. Ma'aikacin ya kai hannun dama wajen bel ɗin, injin yana juyawa. Babu murfi a kan bel ɗin a lokacin. Makashin injin yana jikin bango, mita huɗu daga inda yake tsaye. Abokin aikinsa ya kashe injin, aka kai shi asibiti ƙarfe 3 da minti 45." Ka duba, ba a ɓoye cewa na kai hannu ba, domin hakan ya faru. Amma duk wanda ya karanta zai ga abin gyara: murfi da nisan makashi.

Duk jimlar da ka rubuta, ka tambayi kanka: an gani, an auna, ko an ji da kunne? In ba ɗaya daga ciki, ra'ayi ne. "Saboda", "da gangan", "bai kula ba", "kamar kullum", duk ka soke su. Kuma haka yake ta ɓangaren maigida. Kada ka ce "ya ƙi gyarawa", ka ce an rubuta buƙatar murfi a littafin gyara ranar kaza, ranar haɗarin kuma babu murfi.

"Kowa na cewa" ɗin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Wa ya gani a cikinsu? Ka kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don in babba ya fara magana sauran bin sa za su yi. Ka rubuta sunan kowa, inda yake tsaye, da maganarsa yadda ya faɗa. In da Fulatanci ya faɗa kai kuma Faransanci kake rubutawa, ka karanta masa kafin ya sa hannu. In maganar mutum biyu ta saɓa, ka bar duka biyun, kada ka zaɓa. Yaron ma ka je ka ji daga bakinsa in ya samu sauƙi. Kai, ko ba don rahoto ba ka je, ka kai wa iyayensa ɗan abin da ya sauƙaƙa, kwanciyar asibiti babu mai leƙo ka tana da ciwo.

Ka ɗauki hoton injin yau, kafin a wanke a mayar da murfi. Raunin kuma ka faɗi wane hannu, waɗanne yatsu, zancen karaya ko jijiya ka bar wa takardar likita. In maigida ya nace sai ya ji ganinka, ka buɗe wani sashe daban a ƙasa, ka sa masa "Ra'ayina da shawarar gyara", kada ya gauraya da na sama.

Rahoton cikin gida kuma ba ya maye gurbin sanar da CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru. Doka ta ba maigida kwana 3 na aiki ya kai sanarwar, in bai kai ba yaron ko iyalinsa suna da shekara 3 su kai da kansu. Ka tuna masa gobe lokacin da kake miƙa takardar, ka kuma ajiye kwafi ɗaya a wurinka.