Fom Ɗin Da Ya Cika Tsafta

"Malam, cikin masu yi mana tambayoyi gida-gida akwai wanda fom ɗinsa kullum tsaf yake, ba gurbi ba kuskure. Ta yaya zan san ko gidajen yake shiga, ko zama yake a gindin bishiya ya cika abinsa?"

Wannan tsaftar ma abar tuhuma ce. Mutumin gaske yakan manta, yakan ce bai sani ba, wani ma ya ƙi faɗin abin da yake samu. Mai ƙirƙira kuwa gudun amsar da za ta ja ido yake yi, sai amsoshinsa su yi ta kama da juna.

Amma fom ɗaya ba zai gaya maka komai ba. Jera aikin kowa da kowa, ka duba tambayar da ke buɗe wani sashe, kamar "Akwai wanda ya yi rashin lafiya cikin mako huɗu da suka wuce?" In an ce e, tambayoyi 20 ne ke biye, in an ce a'a, an tsallake su. A ce abokan aikinsa suna samun e a gida 40 cikin 100, shi kuma 8 kacal, alhali yanki ɗaya suke. Sai ka buɗe bayanan lokaci da na'urar da suke cika fom da ita ke ajiyewa: hirar da ke cin minti 50, shi a 18 yake gamawa, GPS kuma, mai nuna wurin da aka yi hira, ya nuna gida shida a wuri guda. To ka sami dalilin zargi, hujja kuwa sai an koma gidajen.

A ƙa'ida ana sake ziyartar kamar gida 10 cikin 100 na kowane ma'aikaci, kwamfuta ce za ta zaɓo su, kuma tun makon farko ake farawa. Na wanda kake zargi, ƙara yawansu. Wanda zai koma kada ya zama abokinsa, kada kuma ya ga amsoshin farko. Ya je cikin kwana biyu ko uku, kafin mai gida ya manta. Farko ya tambaya ko wani ya zo, da wa ya yi magana, tsawon wane lokaci. Sannan ya yi tambayoyi kaɗan waɗanda amsarsu ba ta cika canzawa cikin mako guda ba: irin rufin ɗaki, yawan 'ya'yan da mace ta haifa, da ita tambayar rashin lafiyar. Kada ka sa tambayar ra'ayi, don mutum kan sauya magana tsakanin safe da yamma.

Saɓani ɗaya ba laifi ba ne. Wataƙila matar gida aka tambaya da farko, yanzu mijin aka samu, ko wanda ya koma ɗin ne ya shiga gidan maƙwabci. Shi ya sa in amsoshi suka saɓa, mutum na uku ke zuwa ya raba gardama. In gida bayan gida suka ce ba su taɓa ganin wanda kake zargin ba, ko ya zo amma bai tambayi rashin lafiya ba, ka dakatar da shi, ka ji ta bakinsa, sannan ka ware duk fom ɗin da ya taɓa cikawa, har waɗanda ba a bincika ba, a sake yin su.