Ragon taya murna ga wanda ya zama mai yanke wa kayanka farashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar riɗi ne daga wani ƙauye a yankin Gumel. Ina tara kaya a Gujungu ran Lahadi da Maigatari ran Alhamis, in loda mota in kai Dawanau. Akwai wani bawan Allah da muka yi shekara 8 muna hulɗa, shi ne mai rubuta awo a kamfanin da nake kai wa kaya. Duk kaka nakan kai masa buhun gero ɗaya, shi kuma da ƙaramar salla yakan aiko wa yarana yadi. Yanzu an ɗaga shi, shi ne shugaban sayen kaya, shi zai duba riɗi ya ce an karɓa ko an mayar, kuma shi zai faɗi farashi. Na sayi rago zan kai masa barka. Ba zan ɓoye wa Malam ba, ina ƙaunarsa, amma kuma ba na so ya manta da ni a harkar. Wani abokina ya ce cin hanci ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi abin da ke ranka ba ka yi masa kwalliya ba, domin hukuncin yana rataye ne a kan wannan jimlar taka ta ƙarshe. A taƙaice: ka je ka taya shi murna, wannan abu ne mai kyau. Buhun geron da kuka saba, idan kaka ta zo, babu laifi. Ragon kuwa kada ka kai.

Taya Musulmi murna a kan ni'imar da ta same shi yana da asali a sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ka'abu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, aka ƙaurace musu kwana 50. Ranar da Allah ya karɓi tubansu, mutane suka riƙa tarbarsa ƙungiya-ƙungiya suna yi masa barka. Da ya shiga masallaci sai Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sassarfa, ya yi musafaha da shi, ya taya shi murna a gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kuma ba a hana shi ba. Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba. Wannan ni'ima ce ta addini, amma malamai ba su ga laifi a barka kan alherin duniya na halal ba, kamar aure, haihuwa, dawowa daga tafiya ko samun aiki. Ka lura da abu guda a labarin, Ɗalha bai riƙo komai a hannunsa ba. Wanda ya yi kyauta a ranar shi ne Ka'abu da kansa, ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba wanda ya kawo masa albishir. Mu ma a al'adarmu goron albishir daga wanda abin alheri ya samu yake fitowa.

Son kada ya manta da kai ba zunubi ba ne. Ciniki halal ne, kuma kyautata hulɗa da abokin ciniki domin cinikin ya ɗore shi ma halal ne. Ladan ziyarar dai gwargwadon abin da ka nufi Allah da shi ne a cikinta.

Matsalar ragon ba daga kai ta fara ba, daga kujerar da abokinka ya hau ta fara. Da can yana rubuta abin da sikeli ya nuna ne kawai. Yanzu shi wakili ne a kan dukiyar wasu, an ba shi amanar ya saya musu kaya mai kyau a farashin da ya dace, kai kuma kana cikin waɗanda zai yanke wa hukunci duk mako. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa aika wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya ce me ya sa bai zauna a gidan ubansa da uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar? Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wannan tambayar ita ce mudun da za ka auna ragonka da shi. Shekara 8 kuna tare, an yi salla babba sau 8, ba ka taɓa kai masa rago ba. Da an sallame shi daga aiki ne maimakon a ɗaga shi, da ka je Maigatari ka zaɓo masa rago? Idan amsar a'a ce, to kujerar ka saya wa, ba mutumin ba.

Malamanmu na Malikiyya sun tsara wannan ƙa'ida sarai. Shehu Halilu a Muhtasar, a babin rance, ya ce haramun ne wanda ake bi bashi ya yi wa mai binsa kyauta, sai in irinta ta saba gudana tsakaninsu tun kafin bashin, ko wani sabon dalili ya faru. Sannan ya haɗa mai jari da wanda yake juya masa jarin, da mai alfarma, da alƙali, a cikin wannan hukunci. Abokinka ba alƙalin kotu ba ne, amma illar ɗaya ce, mutum ne da maganarsa ke sa a karɓi kayanka ko a mayar. Togiyar farko ita ta halatta buhun geronka, domin ya girmi muƙamin da shekaru. Sharaɗin shi ne ya tsaya yadda yake: buhu ɗaya, na gero, da kaka. In bana ya koma buhu uku, ko ya rikiɗa ya zama shinkafa, abin da ya ƙaru ya shiga hukuncin ragon. Togiya ta biyu kuwa, masu sharhi sun yi misali da ƙulluwar surukuta ko maƙwabtaka. Wani zai ce ai ƙarin girman ma sabon dalili ne. Ba haka ba ne, domin shi ne ainihin abin da ya jawo tuhumar, ba zai zama mafita daga gare ta ba. Amma da matarsa za ta haihu ka kai abin da irinka ke kai wa irinsa ran suna, ko a yi masa rasuwa ka kai gudummawar da aka saba, wannan wani abu ne daban.

Na san za ka ce ba ka roƙe shi ya yi maka komai ba. Ba sai ka roƙa ba, in baki ya ci ido kan ji kunya. Ka ƙaddara ka kawo buhu 300 a kakar bana, kuma a ƙa'idarsu irin ƙasa da dattin da ke cikin riɗinka ya kamata a cire kilo 2 a kowane buhu. Ya soka hannu, ya ga ƙasar, ya tuna ragon da yaransa suka ci, ya ce a wuce. Kilo 600 ke nan na ƙasa aka biya ka da kuɗin riɗi, daga aljihun mutanen da ba su ci ko tsoka ɗaya ba. Sannan ga ɗan'uwanka da ya taso daga Babura ko Ringim da kaya mai tsabta fiye da naka, motarsa na jiran layi kwana biyu, taka ta shige. Ko da abokinka ya dake bai karkata ba, ka jefa shi cikin zargi a watansa na farko, kuma ka san Dawanau ba a ɓoye rago. Ba yau aka fara sauya wa abin suna ba. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ce kyauta a zamanin Annabi kyauta ce, amma a yau rashawa ce, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abin da ake kira gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakunan da ya tarar. Abokin da ya gargaɗe ka bai yi nisa da gaskiya ba.

Da a ce aikin ya bari ya buɗe ɗakin ajiyarsa da jarinsa, da amsar ta sauya. Mai dukiya in ya rangwanta maka, daga nasa ya rangwanta, saboda haka ka kai rago har da buhun shinkafa in kana da hali, kyauta tana ƙara ƙauna. Sai dai in yana binka bashi. A nan maganar Abdullahi ɗan Salam ga Abu Burda, wadda Bukhari ya kawo, take aiki, cewa idan kana bin mutum hakki ya kawo maka ko da ɗaurin kara ne, ko sha'ir, ko harawa, kada ka karɓa, riba ce. Haka nan kamfanin nan, in masu shi sun san da kyautar kuma sun yarda a fili, hakkinsu ne suka yafe, ko da yake nauyin adalci ga sauran masu kawo kaya bai sauka daga kansa ba. Ma'aikacin gwamnati, irin mai rabon taki ko mai karɓar haraji a kasuwa, shi ba shi da wannan ƙofar, domin babu mutum guda da ya mallaki dukiyar balle ya yafe.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka kira shi a waya yau, kada labarin ya tsufa, sannan ka taka zuwa gidansa, ba ofis ba, kuma a ranar da ba ka da mota a layi. Zumunta a ƙafa take. Ka ce masa Allah ya sanya alheri, Allah ya taya ka riƙo, Allah ya ba ka ikon sauke amana, ya tsare ka daga haram. Wannan ya fi yi masa amfani a kan kirari, domin Annabi ya gaya wa Abu Zarri cewa shugabanci amana ne, kuma ranar alƙiyama kunya ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe shi da hakkinsa ya sauke abin da ke kansa. Kada ka ce masa babu wanda ya cancanta sai shi in ba ka san haka ba. Kuma a wannan zama kada ka ta da zancen riɗi ko kaɗan. A makon nan duk wanda ya yi masa barka yana rufewa da "sai a riƙa tunawa da mu", zai gane wanda ya zo ya tafi bai nemi komai ba.

Bayan haka, abin da zai riƙe hulɗarku a kasuwa shi ne ka sheƙe riɗinka ka tankaɗe shi, ya bushe sarai, kada ka sa mai kyau a bakin buhu mara kyau a gindi, kuma in ka ce Talata motar za ta iso ta iso Talata. Ranar da ya mayar maka da kaya a kan gaskiya, kada ka ɗauke masa gaisuwa. Ragon kuma, tunda ka riga ka saya, in shekarunsa sun kai kuma ba shi da aibi ka ajiye shi ka yi layya, ko ka mayar da shi kasuwa ran Alhamis. Wallahu a'alam.