Yabo a gidan surukai: amsar Goggo ga ɗiyarta

"Goggo, don Allah ki warware mini wani abu. Ranar Juma'a mun je gaida Hajiyar mai gidana, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina ci ina cewa ban taɓa cin mai daɗinsa ba, sai na ga ƙannensa suna ƙunshe dariya. Na ce jaririn yayarsa kyakkyawa ne ga ƙiba, uwar ta ja zani ta rufe shi. Na yaba atamfar Hajiya, washegari sai ga irinta an aiko mini. A Manchester inda na tashi, wanda bai yaba ba shi ake ganin bai kyauta ba. Me na yi ba daidai ba?"

Ɗiyata, na ga saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki bar abin yana cin ki a rai. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya ƙullace ki a gidan nan. Sun san inda kika tashi, sun kuma san da zuciya ɗaya kika yi maganar. Sai dai bakinki Hausa yake yi, ma'aunin da kike auna yabon kuwa na Turanci ne. Bature yana zuba yabo tun daga bakin ƙofa, ya yabi gida, ya yabi riga, ya yabi abinci tun bai haɗiye lomar farko ba, kuma kowa ya san gaisuwa ce, ba a ɗora mata nauyi. Mu a wurinmu kalma tana da nauyi. Idan kika yabi abu, mai sauraro yana tambayar kansa me ya sa kika faɗa, me kuma zai biyo baya. Shi ya sa yawancin yabonmu addu'a muke mayar da shi.

Bari na fara da jaririn, domin shi ne wanda nake so ki fi riƙewa. Uwar ba ta rufe ɗanta don tana zarginki da mugun nufi ba. Tsoron baki take yi, abin da ake ce wa kambun baka. Mutanenmu sun yarda cewa wanda ya ga abu ya burge shi, ya furta ba tare da ya ambaci Allah ba, bakinsa yana iya kama abin ko da shi masoyi ne. Kuma wannan ba camfin tsofaffi kaɗai ba ne, yana da tushe a addini. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin sahabi Amiru ɗan Rabi'a, wanda ya ga Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka, ya yabi kyan fatarsa, nan take Sahlu ya kamu da ciwo. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Amiru faɗa a kan me ya hana shi sa wa ɗan'uwansa albarka, ya kuma umarce shi ya yi alwala aka zuba wa Sahlu ruwan, ya warware. A Suratul Kahfi ma, aya ta 39, an ce wa mai gonar nan da ya shiga gonarsa yana alfahari, me ya hana shi cewa masha Allah.

To ga yadda ake yi. Idan aka miƙo miki jariri, ki karɓe shi da bismillah, ki ce "Tubarkalla masha Allah, Allah ya raya, Allah ya sa mai jin ƙan iyayensa ne." Shi ke nan, kin gama, kuma uwar ta ji duk yabon da take bukata. Kada ki shiga lissafin ƙibarsa, ko yawan gashinsa, ko yadda yake tsotson nono da ƙarfi. Waɗannan su ne abubuwan da uwa ta fi jin tsoro a ambata, domin idan yaron ya kwana da zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, ba za ta ce komai ba, amma za ta tuna wanda ya yi magana jiya. Ba na so sunanki ya zo mata a rai a irin wannan daren. Idan har kina son ki ƙara wani abu, ki ce ya ɗebo kamannin kakansa ko na babansa. Wannan yana faranta ran dangi, kuma ba ya tayar da hankalin kowa.

Za ki kuma ji kakar yaron tana ɗaga shi tana cewa, "Wannan mummunan mijin nawa, dubi hanci kamar an taka." Kada ki zaci ƙi ne. Wasan kaka da jika ne, kuma so ne tsantsa a cikinsa. Amma wannan hurumin kaka ne da abokan wasa, ba naki ba ne.

Maganar tuwo kuma da sauƙi. Abin da ƙannen mijinki suka yi wa dariya sunansa santi: mutum yana cikin cin abinci daɗi ya kwashe shi ya fara zuba magana. Ko maganar ba ta abincin ba ce, da zarar an ga lomar ce ta sako ta, sai a ce santi ne, yara su fashe da dariya. Balle ke da kika fito fili kina yabon miyar da loma a hannu, a gidan surukai, inda ake sa ran kunya za ta sa ki ci kaɗan ki tsame hannu. Akwai kuma wani abu da ba ki lura da shi ba. Da kika ce ba ki taɓa cin mai daɗinsa ba, a kunnen Bahaushiya kin rage darajar tukunyar mahaifiyarki ne a gaban surukai. Ita Hajiya ba za ta so haka ba, domin 'yar da ta san mutuncin gidansu ita ake sa ran za ta riƙe na gidan miji.

Ba wai ba ma yabon girki ba ne. Lokaci muke ba shi. Ki ci abincinki a natse. Idan kin wanke hannu ki yi hamdala, ki ce "Hajiya, an gode, sannu da aiki, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Daga baya, idan kin kwashe kwanuka kin kai madafa kuka keɓe ku biyu, sai ki ce, "Hajiya, wannan miyar ina so a koya mini. Gyaɗar kafin kabewa ta narke ake zubawa ko bayan ta narke? Yakuwar kuma yaya ake yi tsaminta bai yi yawa ba?" Wallahi ɗiyata, babu yabon da ya kai wannan a wurin babbar mace. Kin nuna mata harshenki ya rarrabe abin da ke cikin tukunyar, kin kuma ɗora ta a matsayin uwa mai koyarwa. Za ki ga ta saki jiki tana gaya miki daga wurin wa take sayen daddawa.

Atamfar kuwa, Hajiya ta yi abin da mai mutunci take yi ne. A wurinmu idan ƙarami ya dage da yabon abin hannun babba, ya yaba ya sake yabawa, har ya taɓa ya tambayi inda aka saya, to kamar ya roƙa ne a sakaye, kuma babba yana jin kunyar ya yi kamar bai gane ba. Ki tuna muna da mutanen da yabo shi ne sana'arsu. Maroƙi yana wasa mutum a taron biki, ya ambaci iyayensa da kakanninsa, a yi masa kyauta. Sana'a ce da aka sani, tana da wurinta. Amma saboda ita ne kunnenmu ya saba cewa yabo mai tsawo yana tafe da buƙata a bayansa, kuma ba a so a ji suruka tana zuga uwar mijinta kamar mai jiran a miƙo mata wani abu.

Kada ki mayar da turmin nan, mayarwa cin fuska ne. Ina fata kin ba yaron da ya kawo tukwici, domin yaba kyauta tukwici. Idan ba ki bayar ba, ki aika masa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ki kai wa tela ya ɗinka miki riga da zani da ɗankwali, ki sa ki je gaishe ta da shi, ki durƙusa ki ce "Hajiya, ga kayan an ɗinka, Allah ya ƙara girma." Nan gaba idan kin gan ta da sabon kaya, "Masha Allah, Allah ya sa rai aka yi wa" ya wadatar, sau ɗaya.

Tsakaninki da sa'o'inki kuma babu wannan takatsantsan ɗin sosai. Ƙawarki ta yi kwalliyar biki, ki ce mata ta sha kyau, kayan sun karɓe ta, lallen ya kama, ku yi shewa. Ko a nan ɗin ki saba wa bakinki da masha Allah a gaba. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne yabon surar namijin da ba naki ba, ko da ƙanin mijinki ne, ko da a waya ne ƙarƙashin hotonsa. Haka shi ma mai gidanki, idan bai yabi kwalliyarki a gaban mahaifiyarsa ba, kada ki ce bai gani ba. Kunya ce, irin wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Ki saurare shi idan kun koma ɗaki.

Idan ke aka yaba, nan ma harsunan sun rabu. Ku can an koya muku ku amsa da godiya kai tsaye, har ku ƙara da labarin shagon da kuka sayo. A nan idan babba ta ce kin yi kyau, ki sunkuyar da kai ki yi murmushi ki ce "Na gode, Hajiya," ko ki amsa addu'arta da amin, ki bar maganar ta wuce. Kada ki ɗora da bayanin kuɗinsa. Kuma ki shirya jin wata kalma da za ta iya sosa miki rai: wata rana tsohuwa za ta dube ki ta ce, "Masha Allah, amarya an yi ƙiba, an murje." Yabo ne babba, a gare ki da mijinki duka, ma'anarsa hankalinki a kwance yake kuma ana kula da ke. Sai dai idan kin koma Ingila hutu, kada ki ɗauki wannan ki kai wa ƙawayenki Turawa, domin a wurinsu maganar ƙibar mutum cin fuska ce ko da da fara'a aka faɗa. Can ki yabi girkinsu tun kuna kan tebur yadda kika saba, don su shirun ne yake damunsu.

Ki gaida mai gidan, ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina yi musu barka da samun ƙaruwa.

Goggonki