Yadda manaja zai tuntuɓi masu farautar ma'aikata a ɓoye

Tambaya: Ni babban manaja ne a wani banki a Legas, ina kan aiki. Yaya zan nuna wa kamfanin da ke nemo wa kamfanoni shugabanni, irin su Korn Ferry, cewa ina da sha'awa, ba tare da maganar ta fita ba?

Amsa: Yallaɓai, kada ka yi amfani da imel ko wayar ofis, domin sashen kwamfuta na iya ganin abin da ya bi ta can. Nemo jami'in kamfanin farautar da ke riƙe da harkar bankuna, ka rubuta masa shi kaɗai, layi huɗu: matsayinka, girman sashen da kake jagoranta, irin kujerar da za ta motsa ka, sannan "Ina kan aiki, ina roƙon wannan ya tsaya tsakaninmu, kada sunana ya je ko'ina sai da izinina."

Takardar tarihin aiki kuwa, riƙe ta sai kun yi magana. A ganina nan ne ake tuntuɓe: wanda ke neman ma'aikaci shi ke biyansu, shi suke yi wa aiki. Ka fara tambaya ko bankinku na cikin masu hulɗa da su. In yana ciki, galibi akwai yarjejeniyar ba za su ɗauke masa mutane ba.