Hoton lissafin kaya ɗaya ba ya nuna abin da ya yi kwantai

Tambaya:

Salamu alaikum Malam. Ina aiki a Abuja amma ina da shagon tireda a Kano, ƙanina ne a ciki. Yana rubuta kayan da suka rage a littafi ya ɗau hoto ya turo min ta Wasaf. A na jiya na ga taliya katan 8, lemon kwali katan 5, man shafawa kwalba 3. Na ce masa ya saro man shafawa tunda ya kusa ƙarewa, ya bar taliya tunda tana da yawa, sai yake ta min musu. Gaskiya hankalina a tashe yake, kullum ina zuba kuɗi amma shagon ba ya gaba. Dan Allah yaya zan gane abin da ya kamata a saro da wanda ya kwanta daga hoton nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakata da tura kuɗin man shafawar nan tukunna, domin ina kyautata zaton ƙanin naka ya fi ka gaskiya a wannan musun.

Abin da ya kama ka shi ne abin da nake fama da shi kusan kullum da masu shago, wato mutum ya buɗe hoto ya bi lambobi da ido, wanda ya ga kaɗan ya ce a saro, wanda ya ga da yawa ya ce wannan ya kwanta. Wallahi wannan tunanin ya cinye jarin mutane da yawa, kuma sau tari abin a juye yake. Kayan da ke tafiya ai shi ake sarowa da yawa, dole ka gan shi da yawa a takarda. Shi kuwa kayan kwantai yawanci guda biyu uku ne da suka maƙale a kanta tun bara, ƙura ta rufe su, duk sanda aka ƙirga su ɗin ne dai. To kai da kake Abuja ba ka ganin ƙurar, lamba 3 kawai kake gani sai ka ce a ƙaro dozin, kaga ka ɗauki kuɗi mai rai ka je ka kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa. Buhun shinkafa ɗaya a gidan amarya da ango abincin watanni ne, a gidan gandu mai mutum talatin kuwa ba zai daɗe ba, alhali buhun ɗaya ne. Hoto ɗaya buhun kawai yake nuna maka, ba ya faɗa maka baki nawa ne ke ci.

Kuma abin da ke ƙara ɓata min rai, akwai masu zuwa su karɓi kuɗin mutane da sunan horon kasuwanci, su ce duk kayan da ya sauko ƙasa da guda goma a saro shi. Goma na me? Kwalin ashana goma da buhun suga goma ɗaya ne? Wani kayan goma ba za ta kai shi la'asar ba, wani kuma goma sai ta shekara. Haka 'yan tallan kamfani masu zuwa da mota su ce sayi katan goma a ba ka ɗaya kyauta, ba ruwansu da ko kayan na tafiya a unguwarku, su dai su sauke su ƙara gaba. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce ta dace da kowane kaya, bai taɓa zaman shago ba.

Abin da kake buƙata hotuna biyu ne, kowanne da kwanan wata a rubuce a saman shafin da biro, kar ka dogara da ranar da hoton ya shigo wayarka domin ana iya ƙirga kaya ran Litinin a turo ran Alhamis. Sannan rasit ɗin duk sarin da aka yi tsakanin ranakun biyu. Lissafin kansa ba wuya: abin da ke nan a hoton farko, ka haɗa da abin da ya shigo, ka cire abin da ya rage a hoto na biyu. Sakamakon shi ne abin da ya fita. Ka raba shi da yawan kwanakin, ka samu abin da ke fita a rana.

Bari mu gwada da kayanka. Mu ƙaddara bayan kwana 14 ya sake turo hoto, taliya ta koma katan 4, kuma a tsakani an saro katan 10 daga kasuwar Singa. Katan ɗin taliya leda 20 ne, to da farko leda 160, an ƙaro 200, ya zama 360, saura 80. Leda 280 kenan suka fita a kwana 14, wato leda 20 kullum, katan guda a rana. Kaga katan 8 ɗin da ka ce sun yi yawa cinikin kwana takwas ne kacal. Yanzu tambaya ta gaba, daga lokacin da ƙaninka ya ce maka a saro zuwa lokacin da kaya ya shigo shago kwana nawa ake ɗauka? Kar ka ce min ai Singa ba nisa, ka lissafa har da ranar da ba ka ga saƙon ba kana ofis, da ranar da tiransifa ta maƙale, da neman wanda zai tsare shago kafin ya shiga kasuwa ya samo mai a daidaita sahu. Mu ce kwana 3. Ka ƙara kwana 2 na ko-ta-kwana saboda wata rana mai abinci za ta zo ta kwashi katan biyu lokaci guda. Kwana 5 kenan, katan 5. To wannan ita ce lambar taliya a shagonka, duk ranar da ta sauko katan 5 a tafi sari ba sai an jira ka ba, in kuma sau ɗaya ake shiga kasuwa a sati biyu to katan 14 za a ɗauko.

Man shafawa kuma mu ce daga kwalba 3 ya koma 2, ba a saro komai ba. Ɗaya tak a kwana 14. Biyun da suka rage za su kai kwana 28, da ka saro dozin ɗin nan kuwa sai ya yi kwana 168 kafin ya ƙare, wata biyar da rabi kenan kuɗinka na zaune a kanta, kuɗin da in taliya ka saya da shi da ya juya sau da yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro a jerin naka lemon kwalin ne, saboda shi yana da ranar da zai yi isfaya. Mu ce guda 12 ne a katan, katan 5 guda 60, bayan sati biyu saura 54. Shida suka fita, uku a sati. Kafin 54 su ƙare sai sati 18. In ranar da ke jikin kwalin saura sati 8 ta cika, guda 24 kawai za a sayar, 30 za su lalace, katan biyu da rabi. Irin wannan ba a jiran ya kusa lalacewa, yanzu ake fito da shi gaban kanta a sa wasu a firji, a rage farashi ko da uwar kuɗi kawai za a mayar, ko a kai wa mai shagon da ke kusa da makaranta ko wurin biki a yi musaya da kayan da ke tafiya a wurinku. Kuma dan Allah kar a ce za a bari a sayar wa yara bayan ranar ta wuce, ko a goge kwanan watan, wannan cutar da mutane ne kuma haƙƙi ne da ba zai bar mutum ba. Ka ce wa ƙaninka duk kayan ci da sha ya riƙa rubuta watan isfaya a gefen lambar.

Sai maganar takardar kanta, domin lissafi mai kyau a kan lamba mara kyau ba shi da amfani. Babbar matsala ma'auni ne, yau a rubuta madara 6 gobe a rubuta madara 40, ashe na farko rol ne na biyu ƙwaya. Kowace lamba a rubuta mata katan ne ko dozin ko rol ko guda, katan da aka fasa kuma a ƙirga abin da ya rage a ciki, kar a rubuta shi a cikakke. Hoton ya ɗauka daga sama a miƙe, da rana, shafi ɗaya hoto ɗaya, in ba haka ba layi zai karkace ka karanta lambar sabulu a gaban omo, kuma 1 da 7 ko 4 da 9 a rubutun gaggawa sai ka rantse ɗaya ne. Inda ka yi shakka ka kira ka tambaya, kar ka yi kintace.

Mafi muhimmanci, jerin sunayen kayan ya zama ɗaya kullum, a tsari ɗaya, a yi hoton kwafinsa da yawa yana cike lamba kawai. Dalili kuwa, mai ƙirga abin da idonsa ya gani yake rubutawa, kayan da ya ƙare ƙaf ba ya kan kanta saboda haka ba zai shiga takarda ba, kuma shi ne ya fi kowanne buƙatar sari. Ko ya shiga ma da sifili, kar ka raba da 14, domin wataƙila tun rana ta biyar ya ƙare, kwastomomi suna ta zuwa suna komawa. Ka tambayi ranar da ya ƙare ka raba da yawan kwanakin da ya yi kafin ya ƙare.

In ka ga lambobi da yawa ba su motsa ko kaɗan ba hoto bayan hoto, har da na kayan da ka san ana saya kullum irin su magi da ashana, to ba kwantai ba ne, kwafar tsohon shafi ake yi ba a ƙirga ba. Ka ce a haɗo maka da hoton kanta da na sito a ranar. Sannan ka sani abin da ya fita ba lallai an sayar da shi ba ne, akwai bashi, akwai wanda aka ɗauka aka kai gida, akwai wanda ɓera ya fasa. Katan ɗin taliya a rana ya kamata kuɗinsa ya bayyana a ciniki ko a littafin bashi, in bai bayyana ba ku zauna ku duba tare, kar ka fara da zargi domin sau da yawa cefanen gida ne ba a rubutawa, kuma wataƙila nan ne amsar me ya sa shagon ba ya gaba.

Ƙirgar da aka yi cikin azumi ko dab da sallah kar ka yi aiki da ita a sauran watanni, suga da madara da ganyen shayi suna gudu a lokacin fiye da ƙa'ida, har lemon kwalin nan ma sai ka ga ya motsa. Kuma ba sai ka yi wa kaya ɗari biyu wannan lissafin ba, ka zaɓi guda 20 da suka fi kawo ciniki a riƙa ƙirga su duk sati, sauran sau ɗaya a wata ya isa. Ka ce masa ya rubuta kwanan watan ƙirgar jiya a saman shafin tun bai manta ba, ya adana rasit, in kwana 14 sun cika ka turo min hotunan biyu mu bi su layi layi.